Gangar Asembili ce Take Fasa Ɗana da Ƙarfe Goma

Zango guda na karatu muka yi asara muna neman laifi a cikin aji, alhali abin yana farawa ne a filin asembili tun da sassafe. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu, domin maganin bai kai kuɗin kayan makaranta ɗaya ba.

Ɗana yana da otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da yadda yaro yake jin ƙara da taɓi, shekararsa shida, yana aji ɗaya a wata makarantar boko kusa da mu a Aboabo, nan Kumasi. Kusan kullum wajen ƙarfe goma, daf da fita hutu, sai ya kwanta a ƙasa yana ihu, yana cizon bayan hannunsa, wani lokaci ya ture tebur. Madam ɗinsu ta ce mini, "Maman yaro, ba wanda ya taɓa shi. Muna cikin rubutu kawai ya fara." Gaskiya ta faɗa. Amma da yake kowa yana duban minti biyar ɗin da suka gabaci ihun, sai aka yanke cewa rubutu ne ba ya so, taurin kai ne. Aka canza masa wurin zama, aka rage masa aikin allo, a gida kakarsa ta ce a ƙara masa addu'a, muka ƙara. Ihun bai motsa daga ƙarfe goma ba.

Littafin rubutu mai shafi arba'in ne ya tona asirin. Na ja layi uku a kowane shafi: abin da ya faru tun daga tashi barci, abin da yaron ya yi da lokacinsa, sai abin da aka yi masa bayan nan. Ni na cika na safe, Madam ta cika na makaranta da kalma biyu-uku, ba dogon bayani ba, don tana da yara sun fi arba'in a gabanta. Sati biyu ya isa a ga zane. Ranar da muka makara, muka iso an gama asembili, ba ihu. Ranar da aka yi ruwa da safe aka shiga aji kai tsaye, ya yi lafiya har tashi. Laraba kuwa, ranar da ake haɗa yara a yi waƙoƙin ibada da ganga da tafi, ita ce mafi muni, ihun ma yakan zo da wuri.

Sai na je na tsaya a bayan fili na kalli asembilin da idona. Ana jera yara ne bisa tsawo, gajere a gaba, ɗana kuma shi ne na biyu a layinsu. Masu ganga suna tsaye bai fi taku uku daga kansa ba, babbar gangar tana dukan ƙirji ko ni da nake nesa ina jinta. Bai yi kuka ba. Ya ɗaga kafaɗunsa har sun kusa taɓa kunnuwa, ya ƙura wa takalminsa ido, yana murza bakin rigarsa da yatsu biyu, leɓɓansa suna motsi. Duk wanda ya gan shi zai ce ga yaro mai natsuwa. A haka ya jure taken ƙasa, da alkawari, da sanarwa, da macin shiga aji.

Abin da ya kamata kowace uwa da kowane malami su riƙe shi ne, nauyin ƙara da haske da cunkoso taruwa yake yi a jikin irin waɗannan yara, kamar bokitin da aka ajiye ƙarƙashin indararo. Ganga ta cika shi kusan baki. Daga nan ƙarar jan benci, da yara arba'in suna maimaita karatu da murya ɗaya, da zafin kwanon rufi, da yunwar da ba ya iya faɗa, kowanne yana ƙara ɗigo. Rubutun ƙarfe goma ɗigon ƙarshe ne kawai. Shi ya sa lokacin fashewa ba ya nuna dalilin fashewa, kuma shi ya sa wasu yaran suke daurewa har a tashi, sai sun iso gida su zube wa uwa, malamai kuma su rantse cewa a makaranta lafiya lau yake.

Akwai hanyar bambance wannan da rigimar neman abu. Yaron da yake rigima don a ba shi biskit yana satar kallonka, kuma da ka miƙa masa zai yi shiru. Wanda abin ya yi wa yawa ba ya kallon kowa, ko ka ba shi abin da ya fi so ba zai karɓa ba, bayan ya lafa kuma sai ka gan shi a gajiye liƙis, wani lokaci har barci. Tsawa ko bulala a wannan hali ƙarin ƙara ce da ƙarin taɓi a kan jikin da ya riga ya cika. Hukumar ilimi ta Gana ma ta hana dukan yara a makarantu tun 2017, amma ni ban shiga ofishin hedimasta da maganar doka ba. Littafin na buɗe masa, na nuna masa ranakun.

Abu uku na roƙa, duka ba sa cin kuɗin makaranta. Na farko, a mayar da shi ƙarshen layi, can gefen da ya fi nisa da ganga, inda ba wanda zai tura shi ta baya. Na biyu, a bar shi ya sa abin toshe kunne irin na masu aikin injin katako, mai kama da na jin waƙa amma ba waya. Irin wannan yakan rage ƙara da kimanin desibel 20 zuwa 30 a ma'aunin ƙarfin sauti, yana jin maganar wanda ke kusa, dukan gangar ne yake raguwa. Na uku, idan an shiga aji a ba shi minti goma a kusurwar baya kan tabarma, da kwalbar ruwansa, kafin a sa shi aiki. Hedimasta ya yi ɗan jim a kan na biyun, wai sauran yara za su yi ta kallo. Sun yi kallon kwana biyu suka manta. Tsarin koyar da yara masu buƙata ta musamman tare da sauran yara da Gana ta fitar a 2015 yana goyon bayan irin waɗannan gyare-gyare, kuma takardar likita tana sauƙaƙa magana, don haka wanda yake da ita daga asibitin Komfo Anokye ko wani wuri ya tafi da kwafinta.

Abin toshe kunnen yana da ƙa'ida. Kada a fara sa masa shi a filin asembili, zai fizge ya yar. A gida ake farawa, minti ɗaya ko biyu lokacin da yake cikin jin daɗi, uwa ma ta sa a kanta ya gani, a riƙa ƙarawa har ya saba. Kuma ba a barinsa a kunne duk yini. Idan kunne ya saba da shiru koyaushe, ƙarar yau da kullum za ta iya ƙara yi masa zafi, ga shi zai rasa maganar malama. Namu na asembili ne, da safiyar Laraba, da lokacin da ruwan sama yake dukan kwano, da cikin motar haya ta turoturo idan direba ya ƙure rediyo. A duba bayan kunnen saboda gumi da ƙuraje, a goge robar kullum.

Wannan ya rage ihun sosai amma bai kashe shi ba, saboda har lokacin yaron ba shi da hanyar cewa "ya ishe ni". Maganarsa maimaitawa ce. Idan ka ce "Kana son ruwa?" sai ya ce "Kana son ruwa?", a da muna ɗauka wasa yake, ashe sau da yawa "e" yake nufi. Abin da leɓɓansa suke furtawa a layi kuwa, da na matsa kusa, "mu tafi gida, mu tafi gida" ne, kalmar da nake faɗa masa in mun gama cefane a kasuwar Asawase. Ba gida yake nufi ba lallai, fita daga hayaniya yake roƙo, da jimlar da ya taɓa ji tana kawo ƙarshen hayaniya.

Sai muka yi masa kati. Na ɗauki hoton tabarmar nan ta kusurwa da waya, aka wanke shi girman tafin hannu, aka rufe da leda mai tauri, aka manna a gefen teburinsa. Hoton ainihin abin ya fi zane aiki a wurinsa. Koyarwar tana son mutum biyu: ɗaya a bayansa ya kama hannunsa ya ɗauki katin ya miƙa, ɗaya a gaba ya karɓa ya ce "hutu", nan take a kai shi tabarma. Ana yin haka ne lokacin da yake cikin natsuwa, kuma a farko duk sanda ya miƙa sai a ba shi, ko da sau goma ne a yini. Madam ta ji tsoron zai mayar da shi hanyar gudun aiki. Satin farko ya yi ta miƙawa, daga baya da ya tabbata katin ba ya ƙarya sai ya ragu da kansa. Randa aka ce masa "bari ka gama layin nan tukuna" tun bai yarda da katin ba, ranar ya koma cizon hannu. Jira ana koyar da shi ne daga baya, da kaɗan-kaɗan.

Haka ma yadda ake yi masa magana. Gajeren umarni ɗaya, a kira sunansa tukuna, sannan a yi shiru a ƙirga goma a zuci. Mu manya ba ma iya wannan shirun, sai mu maimaita da wasu kalmomi dabam, shi kuma ya koma farko yana warware sabuwar jimla. Idan za a maimaita, a maimaita da kalmomin farko. Kuma kada a ce "dube ni" kafin a yi magana. Ɗana ya fi ji idan idonsa yana kan tebur. Wasu sun ba ni shawara in daina yi masa Hausa tunda Turanci ake yi a aji, Tuwi a filin wasa, Larabci a makarantar allo. Ban daina ba, kuma bincike bai nuna cewa yare biyu yana ƙara wa mai otizim jinkirin magana ba. Abin da muka daidaita shi ne hotunan: kati ɗaya ne a gida da boko da wurin Malam.

Yanzu Madam tana gane alamun kafin ni. Da ta ga kafaɗa ta hau, ko ya fara murza bakin riga, sai ta nuna masa katin da yatsa ba tare da ta ce komai ba. Ranar da tsari zai canza, kamar atisayen macin 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Gana, da ake wuni ana buga ganga, tana aiko mini da saƙo tun daren jiya, in nuna masa a jerin hotunan safiya, in sa abin kunnen a saman jaka inda hannunsa zai kai. A irin waɗannan ranaku ina zuwa ɗaukarsa da tsakar rana, kuma ba ya zuwa makarantar allo da yamma.