Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sunan da Bakina Ba Ya Iya Faɗa

A makon jiya na tsaya inda aka mayar da ni gidan kawuna a Ƙofar Marusa goyon ciki. Shi ya riƙe ni tun ina shekara 4, shi ya aurar da ni, don haka gidansa ne gidanmu.

Tun cikin yana wata 3 maigidana ya yi wani subul da baka. Ya je gaishe da Kawu, hira ta yi daɗi, sai ya ce masa, "Kawu, in Allah ya kawo namiji, kai za a yi wa takwara." Kawu bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi. Amma tun daga ranar ya ware wani ɗan rago a turke, ana ba shi dusa da harawa. A wajenmu takwaran mai rai ba a baki yake tsayawa ba. Wanda aka yi wa yakan kawo kayan jariri, mai hali ya haɗa da rago, duk sallah ya yi wa yaro ɗinki, wani ma bayan yaye ya ce a ba shi riƙo. Kawu ya san duk wannan, kuma ya shirya masa.

Cikin yana wata 7 Allah ya yi wa surukina rasuwa.

Daren da na haihu, maigidana ya zo da asuba, aka miƙa masa yaro a zane. Ya yi masa kiran salla a kunne, ya yi masa huɗuba, ya tauna dabino ya shafa masa a baki. Sunan mahaifinsa ya sa, Usman. Ban ga laifinsa ba a kan wannan. Zaɓen suna haƙƙin uba ne, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya sa wa ɗansa Ibrahim, ya ce sunan babansa Annabi Ibrahim ne ya sa masa. Laifinsa ɗaya, bai koma wajen Kawu ya warware maganar da ya ƙulla ba. Kunya ta hana shi, yana ta cewa gobe, har kwana 7 suka cika.

Ranar suna, bayan sallar asuba, maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka faɗi suna da ƙarfi har muna ji daga cikin ɗaki. A nan Kawu ya ji, a bainar jama'a, ragonsa na ɗaure a soro. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta shigo ɗakina ta zauna bakin gado ta ce, "Ɗiyata, mi muka yi wa mijinki?" Ban da kuka ba abin da na iya.

Da yamma yayan maigidana ya zo da ƙwaryar goro ya durƙusa gaban Kawu. Abin da Kawu ya ce har yau ina tuna shi: "Da kun zo mani, ni zan fara cewa a mayar da sunan marigayi. Ni ina nan, ana iya yi mani wani. Amma ba a yi wa babba alkawari a bar shi ya ji sauyi a bakin maroƙi." Ya ce kuma a tafi da ragon, na yaro ne.

Wannan ta wuce, sai ga babbar. Wa zai kira yaron, kuma da wane suna?

Ni dai ba ni da bakin faɗa ta fuska biyu: ɗan fari ne, kuma sunan surukina ne. Kakarsa ba ta faɗin sunan mijinta, yana raye ko ba ya raye. Matan 'yan'uwan maigidana su ma surukinsu ne. Shi kansa uban yaron ba zai tsaya tsakar gida ya ƙwala kiran sunan mahaifinsa ba. Ka ga gida guda cike da mutane, ba mai iya kiran jariri. Abin da ake yi shi ne a tanadi laƙabi tun kafin ranar suna, mu kuwa rikicin rago ya ɗauke mana hankali.

Aka fara lissafi. Abba ne ya fi sauƙi, to amma akwai Abba a gidan, ɗan yayan maigidana, wanda aka yi wa tsohon takwara da shi tun yana da rai. Wata ta ce Shehu, tunda kowane Usman Shehu ne, albarkacin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kakar ta girgiza kai, domin da Malam Shehu aka san mijinta a unguwa, wannan ma ya fi na yankan nauyi a bakinta. Mani kuwa yankin sunan ne, bai ɓoye komai ba. Aka kwana biyu ana ce masa "mai sunan Malam". Daga ƙarshe ƙanwar maigidana ta ce Halifa, kowa ya karɓa, ban da kakar da ta ce ita Maigida za ta riƙa ce masa, tunda dama jika mijin kakarsa ne a wasa.

Wannan wasan ne ya so ya zarce. Yaron yana da ɗan tabo baƙi bayan kunnen hagu, tsofaffi suka ce marigayi ma yana da irinsa. Kafin in gama wankan jego magana ta zagaye dangi cewa Malam ne ya dawo. Limamin unguwa ya aiko matarsa ta faɗa mana a daina, wanda ya mutu ba ya dawowa, kama kuwa jini ne, suna kuma don a riƙa tunawa da shi ana yi masa addu'a ne. Bakin mutane ya mutu, amma ɗabi'arsu ba ta sauya ba. Da yaron ya fara wayo, in ya yi ɓarna na ɗaga hannu, sai in ji, "Ke, surukinki za ki buga?" Mu Katsinawa ana yi mana tsiya da saurin baki, to a kan Halifa ko "kai" mai ƙarfi ba a yarda in ce ba. Abba na farko haka aka sangarta shi, na ga yadda ya kaya, don haka sai in ja nawa ɗaki in rufe ƙofa in yi masa faɗan da ya dace.

Kuskuren da ya fi daɗewa yana bin mu kuwa a asibiti na yi shi, ranar da na kai shi rigakafi. Ma'aikaciyar ta ɗaga kati ta ce, "Sunan yaro?" Na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, layi ya yi tsawo, mata suna kallona. Na ce mata a hankali, "Sunan halifa na uku gare shi." Ina nufin Sayyidina Usman, kowace Bahaushiya ta san wannan zagayen. Ita kuwa ko hayaniya ce ta hana ta ji, ko gajiya, sai ta rubuta Halifa. Na karɓi katin ban duba ba. Da wannan katin aka sa shi firamare, alhali takardar haihuwar da ubansa ya karɓo tana ɗauke da sunan yanka. Ba mu farga ba sai da ya zo rajistar JAMB, aka ga sunan da ke NIN ɗinsa daban da na takardun makaranta. Sai da ubansa ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne. Tun daga ranar rigakafin ƙanensa, nakan rubuta suna a 'yar takarda in miƙa, tunda hannu ba ya jin nauyin da baki ke ji.

Ƙanen nasa shi ne wanda aka yi wa Kawu takwara da shi, bayan shekara 2. Wannan karon maigidana bai buɗe baki ba sai da yaro ya faɗo, sannan ya je da kansa ya nemi izini. Kawu ya amince, ya kuma ce ranar da aka yaye shi zai aiko Inna ta ɗauko shi. Na zaci wasa yake yi. Yadda muka kwashe da Inna ranar da ta zo da zanen goyo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.