Ramin da ke tsakiyar katifata, da abin da na tarar a ƙarƙashinta

Kusan wata biyu ina tashi da ciwon ƙugu kafin na zargi katifar. Katifar soso ce mai kaurin santimita 20, ba ta cika shekara uku ba, amma duk gefen da na kwanta sai in farka na gangaro tsakiya. Maiɗakina ma haka. Har na fara tunanin sayen sabuwa, sai na ce bari dai in auna ramin tukuna.

Na yaye zanen gado, na ja zare daga gefe zuwa gefe, na ɗaure shi tam, sannan na auna daga zaren zuwa inda ya fi zurfi: santimita 4. Daga nan muka sauke katifar a ƙasa, muka bar ta kwana ɗaya ba wanda ya hau. Da na sake aunawa, ramin ya koma ɗaya da rabi. Wannan gwajin shi ya raba gardama. In ramin ya ragu a ƙasa, gadon ne ke da matsala. In yana nan daram, soson ne ya mutu.

Da na duba gadon sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Faɗinsa santimita 150 ne, amma katakai tara kacal aka gitta masa, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa akwai gibin santimita 14, kuma babu abin da ya tokare su a tsakiya. Na danna ɗaya da tafin hannu, ya lanƙwasa. A bayan katifar kuwa ga shatin katakan nan layi-layi, soson ya kumburo ta inda babu katako. Soso ba shi da ƙashin kansa, siffar abin da aka ɗora shi a kai yake ɗauka. Nauyin mutum kuma a ƙugu ya fi taruwa, daidai inda katakan suka fi rauni.

Na kira kafinta na nuna masa. Ya ce, "Maigida, ko sabuwa ka ɗora a kan wannan, haka za ta yi." Ya sa dogon katako mai kauri a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, ya yi masa ƙafafu biyu da suka taka ƙasa sosai. Wannan na tsaya na duba da kaina, domin ƙafar da ke lilo ko da kaɗan ne ba ta ɗaukar nauyin komai. Muka ƙara katakai shida, muka sake jera su, gibin ya dawo santimita 5. Abin da aka fi ba da shawara ga katifar soso shi ne kada gibin ya wuce 7. Ya kawo shawarar shimfiɗa faffaɗan katako guda ya rufe gadon gaba ɗaya, na ƙi, saboda soso yana shan gumi, in iska ba ta ratsa ƙasansa ba danshi ya taru, sai fumfuna. Wanda ya zaɓi hakan, to a huda katakon wurare da yawa.

Juyawa kuwa iri biyu ce, da farko na haɗa su. Akwai mayar da kai ƙafa, akwai kifewa. Ta farkon kusan kowace katifa tana so. Kifewa sai wadda fuskokinta biyu iri ɗaya ne. In sama soso mai laushi ne, ƙasa mai tauri, ka kife ta ka kwanta a kan gindinta ke nan. Tawa soso ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, don haka na rubuta 1 da 2 a ƙarshenta biyu na wannan fuska, 3 da 4 a ɗaya fuskar. Duk wata uku lamba ta gaba ce ke zuwa wajen kai, a shekara kowace ta samu rabonta. Mu biyu muke ɗaga ta, ba ma ninke ta, ba ma fizgar yadinta.

Amma in faɗi gaskiya, mayar da kai ƙafa ba ya kawar da ƙugu daga tsakiya sosai, tazarar kaɗan ce. Amfaninsa babba shi ne wurin kafaɗa ya huta, kuma gefen da mai nauyi a cikinmu ke kwana ya koma hannun marar nauyi. Na kuma daina zama a bakin gado wuri ɗaya kullum in na tashi sa takalmi, domin nan ma ya fara lotsawa.

Ɗaya da rabin nan bai cike ba, kuma ba zai cike ba. In ka danna wurin da hannu za ka ji ya fi sauran laushi, yana jinkirin tasowa, ƙananan ƙofofin soson sun riga sun karye. Na ninke tawul na sa a ƙarƙashin katifar daidai wurin, ya rage gangarar. Yanzu wata shida ke nan, ciwon ƙugun ya tafi tun makon farko, kuma jiya da na ja zaren, ɗaya da rabi na samu.