Kuregen da muka zana wa ledar cincin

Ɗan katun da za a tallata abincin yara da shi, a jikin leda yake rayuwa, leda kuma a rataye take a kes ɗin mai shayi ko a shagon unguwa, cikin ƙura da rana, tsakanin kayan wasu kamfanoni. Wannan ne babban abin da na fahimta a aikin da na yi wa wata Hajiya mai yin cincin a Agege, kuma kusan duk shawarar da muka yanke daga nan ta samo asali.

Hajiya zaki ta so. Na ce mata, "Hajiya, zaki a leda ƙarama gashin wuyansa dunƙulewa zai yi, kuma in ya buɗe baki yaro ɗan shekara huɗu tsoro zai ji." An kawo maganar Gizo, amma duk wanda ya tashi da tatsuniya ya san halinsa na haɗama da cin amana, ga ƙafafu takwas sirara da ba za su fito a bugu ba. Muka tsaya a kan kurege. Yana da wayo, ba ya ban tsoro, kuma wutsiyarsa mai gashi kaɗai ta isa a gane shi daga nesa.

Sanya shi ya zama abin so aikin awo ne. Tsawon babban mutum ya kai kansa bakwai zuwa takwas; na Kurege na mayar da shi kai biyu da rabi. Idanu manya na saukar da su ƙasa da tsakiyar fuska, goshi ya yi faɗi, kumatu suka cika, hannuwa gajeru, ba kusurwa mai tsini ko ɗaya. Siffofin jariri ke nan, waɗanda masanin halayyar dabbobi Konrad Lorenz ya bayyana tun 1943 cewa su ke motsa tausayi a zuciyar mutum. Haƙoran gaba guda biyu na rage su sosai, domin da sun yi tsawo sai ya koma ɓera, kuma babu uwar da za ta sayi abinci mai hoton ɓera.

Gwaji biyu nake yi wa kowane zane yanzu. Na farko in cike shi da baƙi gaba ɗaya, in nuna wa yaro inuwar. In bai ce kurege ba ne, ko aƙalla bai gane shi ne na jiya ba, siffar ba ta zauna ba. Na biyu in buga shi a tsawon santimita biyu, in manna a leda, in rataye a shago, in ja da baya kamar mita uku. A wannan gwajin ne ɗinkin hular da na ƙawata shi da shi ya ɓace, ya zama kamar datti. Hular ta koma ja zalla.

Wurin masu buga leda ne na fi ƙaruwa. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, tsarin RGB, injin bugu kuwa da tawada, tsarin CMYK, shi ya sa ruwan lemon da ke ƙyalli a waya yake dusashewa a leda. A irin bugun da ake yi wa ledar abinci mai yawa, kowane launi da silindarsa da ake sassaƙawa, kuma kowace silinda kuɗi ce. Ruwan ƙasan jikin kurege in aka ce a haɗa shi daga tawada uku, da ɗaya ta ɗan yi yawa sai wannan bugu ya fito ja-ja, na gaba ya fito kore-kore. Idan kuma silindu suka goce wa juna ko da rabin milimita ne, za ka ga wani launi ya leƙo ta gefen ido, fuskar ta zama kamar ta mai jin barci. Maganin da ogan wurin ya nuna mini shi ne a ba jikin tawada guda da aka riga aka dama, a kewaye shi da layi mai kauri na baƙi zalla wanda zai rufe gocewar. Fari ma, a leda mai sheƙi ko wadda ake ganin ciki, tawada ce mai zaman kanta da ake biya. Haka muka ƙare da launi huɗu: baƙi, fari, ja da ruwan ƙasa.

Sai labari. Bayan leda ba fili ne da shi ba: lambar NAFDAC, jerin kayan haɗi, ranar yi da ranar lalacewa, nauyi da adireshi duk sai sun samu wuri tukuna. Abin da ya rage gida huɗu ƙanana na zane ya ɗauka. Muka zana labarin da baƙi kaɗai, don in za a sauya shi silinda ɗaya za a sake, ba huɗu ba. Magana ma muka cire ta. Yaron Agege da Hausa yake magana a gida, Yarbanci ko Burokan a layi, Turanci a makaranta, da yawansu kuma ba su fara karatu ba. Suna ma sai an tauna shi a harsunan nan. Dodo da Bahaushe ke tsorata yaro da shi, a bakin Bayarabe soyayyiyar ayaba ce. Muka bar shi da Kurege, babu harafi mai ƙugiya, kowa na iya faɗa.

Labarin da Hajiya ta fara kawowa shi ne Kurege ya ci cincin, ya yi ƙarfi, ya zo na ɗaya a aji. Na ce mata wannan ikirari ne na lafiya, fulawa da sukari da mai kuma ba su sa yaro ya ci jarrabawa. Tallan abinci sai NAFDAC ta duba shi, haka ma ARCON, hukumar da ta maye gurbin APCON a 2022, tana tantance talla kafin a sake shi. Ko da ba hukuma, labarin ba daɗi: wanda ba shi da matsala ba a bin sa. Ta yi shiru, ta ce, "To ɗana, ba shi wani hali irin na yaranmu."

Muka ba shi rowa. A gida na farko ya ɓoye ledarsa cikin hula don kada ƙanwarsa ta gani. A na biyu suna cikin danfo, motar haya ta Legas, hular ta yi tozo, yana ta zare ido. A na uku mota ta faɗa rami, hula ta yi sama, leda ta faɗo a cinyar ƙanwar. A na huɗu ta miƙa masa abinsa ba ta buɗe ba, kunya ta kama shi, ya yage suka raba. Da gangan ledar ta faɗo a rufe, don kada mu nuna yaro yana tsintar abinci a ƙasa. Da na gwada wa yaran makarantar allon layinmu, ban tambaye su ko ya yi kyau ba, domin yaro e zai ce wa babba. Cewa na yi su ba ni labarin. Wurin da suka tsallake ko suka juya, shi na sake zanawa. Zanen farko na gida na biyu sun ɗauka ciwon kai yake yi, sai da na bar kusurwar leda ta leƙo daga ƙarƙashin hula.

Ƙa'ida ɗaya muka riƙe a sauran labaran: Kurege ba ya cewa yaro ya je ya matsa wa uwarsa ta saya, kuma ba a nuna shi yana cin cincin a madadin tuwo.

Kafin in miƙa aiki na haɗa takardar siffa: Kurege ta gaba, ta gefe, ta baya, fuskarsa cikin murna da kunya da mamaki, da lambar kowane launi, don duk mai zanen da zai yi fosta a Shomolu, unguwar masu ɗab'i ta Legas, gobe ya fitar da kurege iri ɗaya. Muka rubuta yarjejeniyar cewa haƙƙin zanen ya koma hannun Hajiya, na ba ta ainihin fayilolin da ake iya gyarawa, ba hoto kawai ba, ita kuma ta nemi rajistar tambarin a rukuni na 30, inda biskit da kayan fulawa suke.