Yadda na yi wa salun ɗina kuɗi na miƙa wa mai saye

Da na yanke shawarar sayar da salun ɗina, tambayar da kowa yake fara min ita ce nawa na kashe a kayan ciki, kujeru da diraya da madubai, kamar su ne shagon. Gaskiya kayan nan su ne ɓangaren da ya fi sauƙi a duk cinikin. Abin da mai saye take biya da gaske shi ne ribar da shagon zai ci gaba da kawowa bayan kin fita, ita kuma ribar tana rataye ne a kan abu biyu, kwastomomi su ci gaba da zuwa, mai gini kuma ya bar shagon a inda yake. Shago ne ƙarami, kujera huɗu, wajen wanke kai biyu, ma'aikata uku sai ni da nake aiki da hannuna. Ba zan faɗi ainihin kuɗin ba, zan ɗauki cinikin wata ɗaya a matsayin 100 in auna komai da shi, kowa sai ya ɗora nasa a kai.

Na ɗauko littafin ciniki na wata 12 da suka wuce, ba na wata uku ba, don in kika ɗauki lokacin da ake rububi kaɗai to mai saye mai wayo za ta gane. A cikin 100 ɗin nan, shamfu da mayuka da rilaksa da sauran kayan aiki suna cin 15, albashin ma'aikata 30, haya 12, wuta da ruwa 10, gyare-gyare da ƙananan abubuwa 5. Duka 72 ke nan, saura 28. To 28 ɗin nan ba riba ba ce fa, duk da ita nake kaiwa gida. Ni ma ma'aikaciya ce a shagon, ina tsaye tun safe ina kitso ina wanke kai, kuma wadda za ta saya ba ta iya gyaran gashi ba, ɗaukar wata za ta yi ta maye gurbina, albashin ƙwararriya irin wannan 12 ne. In an cire shi ribar gaskiya 16 ce a wata, 192 a shekara. Muka yi ta ja kan ribar wata nawa za ta biya, ita tana cewa shekara ɗaya ni ina cewa biyu, muka tsaya a shekara ɗaya da rabi, wato 16 sau 18, ya ba da 288.

Kayan ciki kuwa na zauna na rubuta su ɗaya bayan ɗaya, sunan abu, shekarar da na saya, rasit in akwai, da halin da yake ciki yanzu. Lissafin ba wuya. Dirayar tsaye in kin ɗauka za ta yi shekara biyar, ta riga ta yi uku, to saura kashi 40 cikin 100 na kuɗinta, sai kuma ki duba nawa ake sayar da irinta gwanjo, wanda ya fi ƙasa a cikin biyun shi na riƙa ɗauka. Ranar dubawa mai sayen ta zo da mai gyara, ya kunna kowace diraya ya barta ta yi zafi sosai yana sauraron ƙarar fanka, ya hau kowace kujera ya buga fedal ta ɗaga ya zauna shiru ya ga ko za ta sauka da kanta, ɗaya ta riƙa zamewa ƙasa a hankali, ya ce man ciki ne yake yoyo, nan take aka rage mata kuɗi. Kayan da sabbinsu za su kai 260 suka tashi a 110. Kuma kar wata ta ce za ta ɗora 110 ɗin a kan 288, ai da kayan ne ake samun ribar, an riga an biya su a ciki. Amfanin sanin 110 shi ne ya nuna miki ƙasan farashi, abin da za ki samu ko da rufe shagon kika yi kika yi gwanjon komai. Abin da ake ƙarawa a sama daban shi ne mayukan da ba a buɗe ba, a kuɗin sari, ban da waɗanda kwanan watansu ya wuce.

Sai maganar haya, nan ne cinikin ya kusa watsewa. Saura wata takwas yarjejeniyata ta ƙare. Mai sayen ta ce min, Anti, ta yaya zan biya ribar wata 18 a shagon da wata takwas kaɗai nake da tabbacin zama a cikinsa? Kuma gaskiyarta ne, ban da amsa. In mai gini ya ce ta tashi ko ya ninka haya, kwastomomin da ta biya kuɗinsu ba duka za su bi ta wani wuri ba, da yawansu kusanci ne ya kawo su.

Hanya uku ce a gabanmu. Ko in saka ta a ƙarƙashina, ita ta biya ni ni in biya mai gini, wannan na ƙi tun farko don sunana ne zai ci gaba da zama a takarda, in ta fasa biya ko ta ɓata wuri ni za a nema. Ko in mayar mata da ragowar yarjejeniyata, wanda takardar ta ce ƙarara ba ya yiwuwa sai da amincewar mai gini a rubuce, kuma ko ya yarda wata takwas ɗin dai ne. Ko kuma a soke tawa a rubuta mata sabuwa da sunanta. Ta ukun muka bi. Mai gini ya yarda da shekara uku amma ya ce haya ta tashi daga 12 zuwa 14. Kun ga 2 ɗin nan kamar ba komai ba, to ribar wata ta sauko daga 16 zuwa 14, in an ninka sau 18 farashin ya dawo 252 daga 288. Duk 1 da mai gini ya ƙara, 18 ne yake fita daga aljihun mai sayarwa. Shi ya sa duk wadda ta tambaye ni nake ce mata ta fara zama da mai gini kafin ta furta wa kowa farashi.

Akwai wani layi a tsohuwar takardar da lauya ya nuna min, cewa duk abin da aka kafa a jikin gini na mai gini ne, kuma in zan fita sai na mayar da wurin yadda na same shi. Wato tayil da na shimfiɗa da bututun ruwan wajen wanke kai ba nawa ba ne da zan sayar, shi ya sa ba sa cikin 110 ɗin. Na sa aka rubuta a takardar sokewa cewa mai gini ya karɓi wurin a yadda yake, ba ya bina komai, kuɗin ajiyata na farko ya dawo min, ita ta ajiye nata. Hayar da na riga na biya ta watannin gaba kuma aka lissafa ta mayar min daban.

Yanzu tsakanin 110 da 252 akwai 142, wannan kuɗin kwastomomi ne zalla, kuma kwastoma ba kujera ba ce da za a ɗauka a miƙa. Ban nuna mata yawan lambobin da ke wayata ba don wannan ba hujja ba ce, rabinsu sau ɗaya suka taɓa zuwa. Littafi muka buɗe muka ware waɗanda suka zo aƙalla sau uku a shekarar, sannan muka duba wa yake yi wa kowacce aiki. Nan aka ga 40 cikin cinikin 100 daga hannuna yake fitowa, mata ne da in suka leƙo ba su gan ni ba sai su ce za su dawo. Ta yi lissafinta a gabana, ta ce in rabinsu kawai suka daina zuwa ciniki ya faɗi da 20, abin da za ta rage a mayuka 3 ne kacal, haya da albashi da wuta suna nan yadda suke, to 17 ta tafi alhali ribar duka 14 ce. Wallahi lissafin daidai yake, sai dai ni ma ba zan yarda a yanke min farashi kan abin da bai faru ba tukuna.

Sai muka raba kuɗin gida biyu. Ta biya 172 ranar miƙa makulli, 80 aka ajiye wajen lauya har wata shida. In matsakaicin cinikin watannin ya kai 90 ko sama, 80 ɗin duka nawa ne, in ya tsaya tsakanin 80 da 90 rabi, in ya gaza 80 ya koma mata. Muka rubuta cewa da irin waɗannan watannin na bara za a gwada, don kar lokacin da kasuwa take sanyi ya cuce ni. Na kuma sa sharaɗin ba za ta ƙara farashin aiki ko ta sallami ma'aikata a cikin wata shidan ba, kuma ina da damar ganin littafi duk ƙarshen wata, in ba haka ba ai sai ta kori mutane da hannunta ni in biya. Ita kuma ta sa nata, ba zan buɗe wani salun kusa da wurin ba har shekara biyu kuma ba zan riƙa bin kwastomomin gida ina musu aiki a ɓoye ba.

Ma'aikata na gaya musu da bakina kafin labari ya fita, musamman babbar cikinsu wadda ita ma take da nata mutanen, don in ta tafi wani kason cinikin ne zai bi ta. Na biya kowa haƙƙinsa har ranar ƙarshe, sabuwar mai shago ta ɗauke su a sabon sharaɗi.

Na zauna wata biyu a shagon bayan sayarwa, da albashi. Aikina kawai in mayar da mutanena hannun wadda ta maye gurbina. Zuwan farko ni nake yi tana gefe tana kallo, na biyu ita take yi ina tsaye, ina cewa wannan fatar kanta ba ta son zafi, waccan kar a ja mata gashin gaba. Na rubuta wa kowacce kati, irin man da take amfani da shi, minti nawa rilaksa take yi a kanta, abin da ya taɓa ba ta ƙaiƙayi. Kafin in ba da katunan da lambobin na tura wa kowa saƙo cewa shago ya canza hannu, wadda ba ta so a miƙa bayananta ta faɗa, kaɗan suka ce a cire su na cire.

Ranar miƙawa muka karanta mitar wuta da ta ruwa muka ɗauki hoto, layin wayar shago aka mayar da rajistarsa sunanta, shafukan shagon ma ta canza lambar sirri da lambar da ake turo kod a gabana. Kuɗin da wasu kwastomomi suka riga suka ajiye na aikin da ba a yi ba tukuna na cire na ba ta tunda ita za ta yi aikin, bashin da nake bin wasu kuma na riƙe abina, ban so ta fara da bin mutane bashi.

Da wata shida ta cika matsakaicin ciniki ya tsaya a 86, lauya ya ba ni 40 ya mayar mata da 40, duka na tashi da 212 ban da kuɗin mayuka da na haya. Da muka duba katunan, yawancin waɗanda suka ɓace masu kitso ne, masu wanke kai da rilaksa kusan duk sun zauna.