Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar da na manna a zaure

Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce ruwa ba ya gardama, hanya yake nema. Ban gane maganar ba sai a gidan hayarmu na Fagge, shekarar da aka haifi Auta.

Ɗaki tara ne a gidan, rariya ɗaya. Ruwan wanka da na wanke-wanke duk ta nan yake fita ya faɗa kwatar layi. Da marka ta kankama a watan Agusta sai ya fara dawowa tsakar gida, kuma ɗakina ne a gangare. Gindin katangar ƙasa ya jiƙe har ya fara zubowa. Na rubuta takarda na manna a zaure, har yau ina da kwafinta:

"Salamu alaikum jama'ar gida. Kwatarmu ta toshe. Na ɗaga murafen siminti uku na ƙofar gida: biyu cike suke da ruwa, na ukun a bushe, wato toshewar tana tsakanin na biyu da na uku. Ranar Asabar ta ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli, ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, mu fito gayya. Kowane ɗaki namiji ɗaya. Mai shebur ko manjagara ya fito da ita, baro zan aro. Wanda ba zai samu fitowa ba ya ba da kuɗin kwashe dagwalo. Iyayenmu mata, don Allah a daina tura ƙanzo da toka a rariya."

Layin ƙarshen nan ne ya jawo mini. Mai ɗakin kusa da rijiya ya ce na ci mutuncin iyalinsa, bai fito ba, bai ba da ko sisi ba. Shi ne kuma bayan shekaru ya zo neman in sa baki a auren ɗansa. Na sa, amma ban manta ba.

Mu shida muka fito. Samarin suka so farawa daga bakin rariya, na ce a'a, daga ƙasa ake farawa, wajen kwalbati, a yo sama. In ka buɗe sama tukuna, ruwan da ya taru zai turo dattin ya binne inda kake tsaye. Maganar Baba ce dai, a fara ba shi hanya. Abin da muka tarar ledar fiya wata ce ta sarƙe a jikin wani guntun bulo, toka da yashi suka taru a bayanta suka daskare. Baro bakwai muka fitar.

Kuskurena ɗaya: na ce a bar dagwalon a bakin kwata ya tsane kwana biyu, don jiƙaƙƙe nauyi gare shi. Daren Lahadi aka tafka ruwa, rabinsa ya koma ciki. Da asuba ina tsaye da shebur ni kaɗai, mutumin kusa da rijiya ya wuce masallaci yana cewa, "Sannu da aiki, Malam."

Mako mai zuwa, zuwan duba-gari.