Haruffa biyu da na tsallake a gaban shekarar Ɗan Marina

Ina koyar da tarihi a wata lise a nan Tawa. A hutun bara na je Yamai, na yi kwana huɗu ina zama a ɗakin karatu ina kwafo bayanan malaman ƙasar Hausa na da, don in haɗa wa ɗalibaina ƴar takarda guda. Littafin da na fi dogara da shi kamus ne na tarihin rayuwar marubuta, an yi shi da Ingilishi, kowane malami da sunansa da shekarunsa da littattafan da ya bari. Ni kuwa Faransanci na yi a lakwal, Larabci kuma a zaure, Ingilishina na lallaɓe ne.

Da na zo kan Muhammadu ɗan Sabbagu na Katsina, wanda kowa ya sani da Ɗan Marina, sai na ga bayan sunansa an rubuta fl. 1640. Shekara ɗaya tak. Wanda ya tashi da littattafan Larabci ya saba da abu guda: in aka ba malami shekara ɗaya, to ta rasuwarsa ce, ana sa harafin ت a gabanta. Dalili kuwa a fili yake. Ranar da aka haifi yaro babu wanda ya san zai zama malami, amma ranar da babban malami ya rasu almajiransa sukan rubuta. Da wannan sabo na karanta layin, na ɗauki fl. a matsayin wata alamar rasuwa ta Turawa, na rubuta a kayena: "Ɗan Marina, ya rasu 1640." Haka ta shiga takardar, haka na yi mata fotokopi sittin da biyu, haka ɗalibai suka manna ta a kayensu.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon mushe ne da ya yi ritaya, abokin mahaifina. Na kai masa takardar bayan la'asar, yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa layi layi, da ya iso kan Ɗan Marina sai yatsan ya tsaya.

"Ɗana, wa ya ce maka ya rasu a 1640?"

Na ce, "Baba, a kamus na gani." Na buɗe hoton shafin a wayata na miƙa masa. Ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Kamus bai ce haka ba. Kai ka ce. Karanta mini abin da ke ƙasa, wajen jerin rubuce-rubucensa."

A nan ne na ga abin da idona ya wuce a Yamai. Ɗan Marina yana da wata ƙasida ta yabon Sarkin Katsina Karyagiwa, kuma ƙasidar tana ɗauke da kwanan watanta: 24 ga Safar 1070, wato Nuwamba 1659. Mutumin da na binne a 1640 ga shi yana tsara baitoci shekara goma sha tara bayan haka. Hujjar kuskurena tana cikin hoton da na ɗauka da hannuna.

Baba ya bayyana mini cewa fl. gajarcewar floruit ce, kalmar Latin, ma'anarta ta asali "ya yi fure". Masu kamus suna sa ta ne in ba su da shekarar haihuwa, ba su da ta rasuwa, amma suna da shaidar cewa a lokaci kaza mutumin yana raye yana aikinsa. Shaidar tana iya zama littafin da ya sa wa kwanan wata, ko wasiƙa, ko wani ya ambaci ya yi karatu a wurinsa, ko sunansa ya fito tare da na wani sarki da aka san zamaninsa. Ya ce, "Kai da ka yi zaure, ai ka san كان حيا." Ma'anarsa "yana raye", nan take kuwa abin ya zauna mini. Malaman Larabci sun daɗe da wannan dabara. Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rayu daga 1556 zuwa 1627, ya yi kamus na malaman Malikiyya, kuma da ya zo kan al-Aƙib al-Anusammani, malamin yankin Takadda a ƙasar Abzin, ya rufe bayaninsa da cewa yana raye kusa da shekara ta 950, wato wajen 1543. Bai ba shi ranar rasuwa ba, domin ba ta zo masa ba. A littattafan Faransanci kuma abin da ake gani shi ne actif vers ko actif en.

Akwai tarko na biyu a cikin kalmar, kuma na kusa faɗawa cikinsa lokacin da nake gyara. Da na ji "ya yi fure", sai na so in rubuta "yana ganiyarsa a 1640". Amma fl. ba ta yi alkawarin haka ba. Ba ta ce a shekarar ce ya fi suna ba, ba ta ce matashi ne ko tsoho ba. Mai yiwuwa a lokacin shekarunsa talatin, mai yiwuwa sittin. Shi ya sa ba a ɗaukar fl. 1640 a cire arba'in a ce an gano shekarar haihuwa. Na ga ana yin haka, daga baya wani ya kwafe lissafin a matsayin gaskiya, a rasa inda ya samo asali. Abin da na rubuta a ƙarshe shi ne: "Ɗan Marina, yana raye yana rubutu a tsakiyar ƙarni na 17, akwai ƙasidarsa ta 1659."

Da na dawo gida a daren nan na sake bin takardar daga sama, sai na ga ba Ɗan Marina kaɗai na zalunta ba. A wajen Kawsan, wanda ya yi wa sansanin Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, littafin da na duba ya rubuta c. 1880–1919, ni kuwa na share c. ɗin don layin ya yi kyau. Wannan c., wani lokaci ca., ita ce circa, wato "wajen". Bafaranshe yakan sa v. ko vers. Kuma wannan bai kamata ya zama baƙo ga ɗan Nijar ba, domin yana cikin aljihun iyayenmu. Katin mahaifina né vers 1950 aka rubuta. Ba a yi masa takarda ranar haihuwa ba. Sai da ya girma aka je gaban alƙali da shaidu biyu, aka tambayi da wa da wa ya tashi, aka ƙiyasta. Wasu tsaransa ma an ba su 1 ga Janairu, har ka ɗauka duk garin rana ɗaya aka haife su. Babu wanda ya san mahaifina da zai rantse a 1950 aka haife shi, amma kowa zai rantse ba 1930 ba ne, ba kuma 1965 ba. To haka c. take: ƙiyasi ne mai tushe, da ɗan fili gaba da baya.

Abin lura shi ne c. tana riƙe da lambar da take gabanta kawai. A c. 1880–1919, haihuwar ce ake ƙiyastawa. 1919 a tsaye take, shekarar da aka rataye shi a Murzuƙ ta ƙasar Fezzan. In ana shakkar duka biyun, kowace sai an ba ta tata alamar. Nan ma akwai hikima irin ta malamanmu: ƙarshen sanannen mutum yana da shaidu, farkonsa ba safai ba.

Alamar tambaya ita ce ta fi ba ni aiki, don da farko na ɗauka ita da c. Danjuma ne da Danjummai. Ba haka ba ne. Mai sa c. yana cewa, "Ba ni da takamaimiyar shekara, ga inda na kintata." Mai sa ? yana cewa, "An ba ni takamaimiyar shekara, amma ban gamsu da wanda ya ba ni ba." Wataƙila majiya ɗaya ce tak, wataƙila biyu ne suka saɓa, wataƙila tawadar ta goge har ba a bambance bakwai da tara. Bambancin yana da amfani wajen aiki: shekarar da ke da c. kuskurenta ba ya nisa, amma wadda ke da ? tana iya zama daidai cif, tana kuma iya kaucewa da shekara ashirin in majiyar ce ta ruɗe. Sannan a duba inda aka ajiye ta. In an ga 1750?–1810, haihuwa ake shakka. In an ga 1750–1810?, rasuwa ce. In kuwa alamar ce kaɗai zaune a gurbin lamba, kamar ?–1810, to ba shakka ake nunawa ba, babu komai ne a hannu.

Akwai kuma shekara mai karan tsaye a tsakiya, irin 1793/4 da ake gani a haihuwar Nana Asma'u. Wannan ba rauni ba ne na majiya. An san shekarar Hijira, 1208, amma ita ta fara a Agusta 1793 ta ƙare a Yuli 1794, ta raba ƙafa a shekarun Miladiyya biyu. In an san wata da rana, karan sai ya faɗi. Mahaifinta Shehu Usmanu, da aka haifa a Maratta, nan cikin jiharmu ta Tawa, an san ƙarshen Safar 1168 ne, shi ya sa ake rubuta 15 ga Disamba 1754 kai tsaye.

Ranar Litinin na shiga aji na ce kowa ya buɗe kayensa. Na rubuta layin Ɗan Marina a tablo yadda yake a kamus, na rubuta nawa a ƙarƙashinsa, na sa ranar ƙasidar a gefe, na ce su nemo inda matsalar take. Wata yarinya a layin gaba ta gano kafin in ajiye alli. Muka ja jan biro a kan "ya rasu", muka mayar wa Kawsan da "wajen" ɗinsa.

Sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, to Sarauniya Mangu fa? Me za a sa mata?" Na ce ya faɗa mini abin da ke da kwanan wata a labarinta. Ya yi shiru kaɗan, ya ce yaƙin Lugu, lokacin da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta auka wa garin a Afrilu 1899. Na miƙa masa allin. Ya fito ya rubuta sunanta, ya tsaya yana kallon tablon, sannan ya sa fl. 1899.