Daga ppm zuwa mg/L: yadda muke karanta sakamakon gwajin ruwa

Sana'armu tace ruwan rijiyar burtsatse ce, da haɗa wa masu fiya wata da makarantu da asibitoci na'urorin tacewa. Kafin a sayi matata ko guda ɗaya sai an ɗebi ruwa an kai ɗakin gwaji, kuma a nan rikicin lissafi yake somawa. Ƙaramar mitar aljihu tana nuna ppm, takardar ɗakin gwaji tana zuwa da mg/L, ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wato NIS 554, ita ma da mg/L aka rubuta yawancin iyakokinta. Mai masana'anta da ke shirin karɓar jami'an NAFDAC yana so ya san ko lambobin nan abu guda suke faɗa.

Ga ruwan sha, amsar ita ce e. Ma'anar ppm kashi ɗaya cikin miliyan, kuma a ruwa da nauyi ake auna shi: miligiram ɗaya na gishiri ko ƙarfe a cikin kilo ɗaya na ruwa, tunda kilo ɗaya miligiram miliyan ne. Shi kuwa mg/L miligiram ɗaya ne a cikin lita ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya take yi a kan sikeli. Saboda haka ppm 250 daidai yake da 250 mg/L, ba sai an taɓa kalkuleta ba.

Cikakken lissafin shi ne wannan:

```
mg/L = ppm × nauyin lita ɗaya (kg/L)
```

A zafin digiri 20 lita ɗaya tana da nauyin kilo 0.998, a digiri 30 kuma, wanda ya fi kusa da zafin ruwan tanki a Kano ko Maraɗi, kilo 0.996. Idan aka ninka 250 da 0.996 za a samu 249. Babu na'urar gwajin da muke riƙewa a hannu da za ta iya rabe 249 da 250, don haka ba ma ɓata lokaci a kansa.

Inda lissafin ya daina zama ɗaya da ɗaya shi ne ruwa mai kauri. Ruwan teku lita ɗaya kilo 1.025 ne, saboda haka ppm 35,000 na gishiri ya zama 35,875 mg/L. A wurin aikinmu, wanda muka fi haɗuwa da shi shi ne ruwan gishirin da ake wanke na'urar tausasa ruwa da shi. Idan ya ƙoshi da gishiri, kusan kashi 26 cikin ɗari na nauyinsa gishiri ne, ppm 260,000 ke nan, lita ɗaya kuma tana kai kilo 1.2. Ninka su, sai ka ga gishiri ya haura giram 310 a lita, ba 260 ba. Wanda ya ɗauke su ɗaya a nan ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin biyar, kuma lissafin buhunan gishirinsa ba zai taɓa fita daidai ba. A ƙasa da 10,000 mg/L dai bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

To idan juyawar da sauƙi haka, me ya sa ake yawan samun sakamako biyu na rijiya ɗaya suna karo da juna? Domin kuskuren ba a tsakanin ppm da mg/L yake ba. Yana cikin 'yan haruffan da aka rubuta kusa da lambar, waɗanda yawancin mutane suke tsallakewa. A ɗauka an haƙa rijiya a unguwa mai cunkoso, takardar gwaji ta fito da waɗannan: TDS, wato jimillar abubuwan da suka narke a ruwa, 420 ppm daga mitar aljihu, NO3-N 12 ppm, Ca 48 ppm, Mg 10 ppm, Pb 15 ppb. Mai rijiya ya ɗora su a kan teburin ƙa'ida, ya ga 420 bai kai 500 ba, 12 bai kai 50 ba, 48 bai kai 150 ba, sai ya ce ruwa ya wuce gwaji. Gaskiya ruwan nan ya faɗi a wuri uku.

Naitiret ne ya fi tayar mini da hankali, don shi ne ba ya da ɗanɗano, ba wari, ba launi. Ana rubuta shi ta hanya biyu. Wani ɗakin gwajin yana ba da nauyin naitiret ɗin gaba ɗaya, ya rubuta NO3. Wani kuma yana ba da nauyin naitirojin da ke cikinsa kaɗai, ya rubuta NO3-N. Nauyin naitiret 62 ne, naitirojin da ke cikinsa 14, idan ka raba 62 da 14 za ka samu 4.43. Iyakar 50 mg/L da ke cikin ƙa'idar Najeriya, wadda ita ce kuma ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta NO3 ce. Saboda haka:

```
12 mg/L NO3-N × 4.43 = 53 mg/L NO3
```

Ruwan da ake ganin bai kai rubu'in iyaka ba, ashe ya zarce ta. Duk lambar NO3-N da ta haura 11.3 ta tsallake iyaka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da irin wannan ruwa su ne suke cutuwa: naitiret yana rage wa jininsu ƙarfin ɗaukar iska, har leɓɓansu su yi shuɗi. Yawanci daga masai da sokawe da ke kusa da rijiya yake tsiyayowa, ko daga takin gona. Tafasa ruwa ba ya cire shi, sai ma ya ƙara masa yawa saboda ruwa ya ragu shi bai ragu ba. Matatar yashi da ta gawayi su ma ba sa riƙe shi. Sai na'urar RO, mai matsa ruwa ta cikin siririyar fata don cire gishiri, ko resin na musamman, ko a nemi wata rijiyar. Idan takarda ta ce naitiret kawai ba ta bayyana wanne ba, a kira ɗakin gwajin a tambaya kafin a yanke hukunci. Yawancin na'urorin da ke auna launi suna iya nuna kowanne daga cikin biyun, ya danganta da yadda aka saita su.

Taurin ruwa ma haka yake. Iyakar 150 mg/L an rubuta ta ne da ma'aunin CaCO3, ba da nauyin kalsiyam tsura ba. Ana ninka kalsiyam da 2.5, maganisiyam da 4.12, a tara. Kalsiyam 48 ya ba da 120, maganisiyam 10 ya ba da 41, jimla 161 mg/L. Ya ɗan haura. Wannan ba ya cutar da mai sha, amma shi ne yake sa sabulu ya ƙi kumfa, ya bar farin ɓawo a tukunya, ya toshe fatar RO kafin lokacinta.

Dalma kuwa, harafi ɗaya ne ya canza. Wannan ppb ne, kashi ɗaya cikin biliyan, daidai da µg/L, kuma ana raba shi da 1,000 a samu mg/L. Pb 15 ppb ya zama 0.015 mg/L, iyaka kuwa 0.01 ce. Kuskure a nan ta fuska biyu yake zuwa. Wani ya karanta ppb a matsayin ppm ya ruɗe, ya rufe rijiya mai kyau. Wani kuma ya ga 0.015 ya raina ta saboda sifilai sun yi yawa. Bayan abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, babu wanda ya kamata ya raina irin wannan lamba. Kuma mitar aljihu ba ta ganin dalma a wannan ƙanƙanta sam, sai ɗakin gwaji mai manyan na'urori.

Ita mitar aljihun tana bukatar bayani, domin ita ce a hannun kowa. Tana rubuta ppm, amma ba nauyin komai take aunawa ba. Tana auna yadda wutar lantarki take ratsa ruwa ne, wato EC, da ma'aunin µS/cm, sannan ta ninka da wata lamba da kamfani ya saka mata. Wasu 0.5 suke amfani da shi, wasu 0.64, wasu 0.7. Ruwan da EC ɗinsa 600 ne, wata mitar za ta nuna 300, wata 420, alhali kofi ɗaya aka tsoma su. Babu wadda ta lalace a cikinsu. Don haka 420 ɗin da ke takardarmu ƙiyasi ne, kuma kwafe shi a rubuta 420 mg/L ba zai mai da shi awo ba.

Awo na ainihi da sikeli ake yin sa. A tace ruwa mililita 100, a zuba a kwanon da aka riga aka auna nauyinsa, a ƙafar da ruwan, a busar a digiri 180, a sake aunawa. Idan abin da ya rage giram 0.035 ne, miligiram 35 ke nan a mililita 100, wato 350 mg/L. Daga nan sai a raba 350 da 600, a samu 0.58. Wannan ita ce lambar rijiyar nan, kuma da ita za a riƙa ninka EC a gwajin yau da kullum. Shi ya sa a littafin aiki muke rubuta EC da zafin ruwa, ba ppm ɗin allo ba, don duk wanda ya zo baya zai iya sake lissafin. Mita kuma a riƙa gwada ta da ruwan daidaitawa na 1413 µS/cm, a wanke bakinta da ruwa mai tsabta bayan kowane awo.

Akwai wani wurin da ake mantuwa. Idan ruwa ya fi ƙarfin na'ura, launi ya wuce ƙarshen ma'auni, akan sirka shi: mililita 10 na ruwan rijiya a cika da tataccen ruwa zuwa 100. Abin da na'ura ta nuna sai an ninka shi da 10. Ƙarfe, wato Fe, ya nuna 0.2 bayan sirki, to 2 mg/L ne, iyaka kuwa 0.3. A rubuta yawan sirkin a jikin kwalba tun kafin a soma.

Amfanin mg/L yana fitowa fili lokacin zuba magani, domin 1 mg/L daidai yake da giram ɗaya a lita 1,000. Tanki mai lita 10,000 da ake so a ba shi kulorin 2 mg/L yana bukatar giram 20 na kulorin. Amma garin da ake saya a durom ba kulorin zalla ba ne. Idan an rubuta kashi 65 a jikinsa, sai a raba 20 da 0.65, a auna giram 31. A narka shi a bokitin roba, a bar farin laka ya kwanta, a zuba ruwan saman a tanki, a jira minti 30, sannan a gwada da ƙwayar gwajin kulorin DPD No. 1. Abin da za a gani ba zai kai 2 ba, domin ƙarfe da dattin da ke cikin ruwa sun cinye wani kaso. Idan saura ya gaza 0.2 mg/L, ko dai ruwan yana cin kulorin da yawa, ko garin ya daɗe a buɗe cikin zafi ya rasa ƙarfinsa. A gwada garin a bokitin tataccen ruwa mai lita 20: giram 0.1 ya kamata ya ba da kusan 3.2 mg/L, idan ya gaza haka sosai, garin ne ya mutu.